Takardar Kwanon Maharazu Tela

A shekarun da kuɗin fetur suka fara malalowa har ƙauye, lokacin da masinja ma ya karɓi ƙarin albashin Udoji ya sayi rediyo mai kaset, babu wanda kasuwarsa ta buɗe a Sheme kamar Maharazu Tela. Duk wanda ya samu kuɗi, abin da yake fara yi shi ne ya ɗinka riga don a san ya samu. Maharazu mutumin Kankara ne, ya zo Sheme da keken ɗinkinsa da matarsa Lauratu, ya kama hayar wani sashe a bakin hanya: shago a gaba, ɗaki da ɗan tsakar gida a baya. Mai gidan shi ne Alhaji Nata'ala, dattijo mai gonakin auduga, wanda ake biyansa haya sau ɗaya a shekara, da kaka, naira sittin.

Sai dai ɗinki ba shi ne abin alfaharin Maharazu ba. Abin da yake taƙama da shi rubutu ne. Ya yi aji huɗu a elemantare kafin a cire shi, kuma tun daga nan ya ɗauki kansa gwanin wasiƙa. In ya rubuta maka wasiƙa zuwa ga surukinka, sai surukin ya ji kamar an naɗa shi hakimi. Biro uku yake saƙalawa a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu.

To, sashen nan soro ne na azara, ya tsufa har ya gaji da tsufa. Kowace shekara a yi masa yaɓe, kowace damina ya nuna bai san an yi ba. Ruwan farko na wannan shekarar ya sauka da rana tsaka Maharazu yana masallaci. Kafin ya dawo, jan ruwan laka ya ɗiga a kan farar shaddar wani malamin haraji, yadi goma. Abin da malamin ya faɗa masa ba na maimaitawa ba ne.

Washegari bayan la'asar ya tafi zauren Alhaji Nata'ala, ya tarar da shi tare da Liman Salihu da Gide kafinta. Ya durƙusa ya gaishe su, ya kai kukansa.

Alhaji ya ce, “Ɗana, kuɗina duk na cikin gona, sai an sayi auduga. Amma ga shawara. In kana da hali, ka buga ma sashen kwano da kuɗinka. Gide, nawa zai ci?”

Gide ya dubi sama ya yi lissafin kwano da katako da ƙusa da ladan hannunsa, ya ce ɗari da tamanin.

Alhaji ya ce, “Hayar shekara uku ke nan cif. Ka yi aikin, ka zauna shekara uku ba ka biya ni ko kwabo, ba kuwa mai tashinka. Liman, kun ji ko?”

Suka ce sun ji. Aka shafa fatiha.

Maharazu ya koma gida yana tafiya kamar shi ya sayi Sheme. Matsala ɗaya ce: abin da ke hannunsa bai kai rabi ba, ga bashin shaddar malamin haraji. Lauratu kuwa tana da karsana, ja mai farin goshi, wadda ta tara kuɗinta da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa shekara huɗu. A tsakar gidan take ɗaure, kuma Lauratu ta fi yi mata magana da taushi fiye da yadda take yi wa mijinta.

Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “Malam, zan ba da ita. Amma a yi takarda.”

“Takarda? Da Baba Alhaji? Mutumin da ya je Makka tun ana zuwa a mota? Ga Liman, ga Gide, duk sun ji.”

“Liman ya ba saba'in baya, Gide kuwa yau yana Daudawa gobe yana Sabuwa. Ni ban ce Baba zai ci amana ba. Amma rai ba a hannunshi yake ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka rubuta abu uku: mu muka yi kwanon, ga abin da ya ci, shekara uku ba haya ba tashi. Ya dangwala hannu. Ba kai ne gwanin rubutun ba?”

Nan ta kama shi. Aka kai karsana kasuwar Kankara, Lauratu ta kwance igiyar da hannunta ta riƙe, ta ce ita ba ta sayar da igiya ba. Cikin mako biyu Gide ya kwashe tsohon rufin, ya ɗora katako, ya buga kwano. Sashen ya riƙa ƙyalli, direbobin lori suka fara kwatance da shi.

Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe Maharazu ya zauna a kan kekensa, ya yago takarda daga littafin awo, ya rubuta abin da aka ce ya rubuta. Layi uku, da kwanan wata, da wurin sa hannu. Ya karanta. Sai ya ji kunya ta rufe shi tun kafin ya tashi daga kan kujera. Wannan ai sammaci ne. Ba sallama, ba gaisuwa, ba tambayar iyali, kawai ka shiga zauren dattijo ka ce masa naira kaza, shekara kaza, dangwala nan? Ai ka ce masa maƙaryaci ke nan a gaban jama'a. Kuma ma, wa zai ga wannan ƙwarangwal ɗin ya ce Maharazu ne ya rubuta? Ya ninke ta ya jefa a aljihun keken, wurin allurai.

Ya sayo doguwar takarda mai layi. A wannan takarda ta biyu ya sa gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ya tambayi lafiyar Alhaji da Hajiya da 'ya'ya da jikoki da gonaki da dabbobi. Da ya iso wurin kuɗin sai ya ga lambar ta tsaya tsirara a tsakiyar ladabi, ba kyan gani. Ya goge, ya rubuta “ɗan abin da Allah ya hore”. A ta uku shekara ukun ce ta tsone masa ido. Yaro ne zai yanka wa babba wa'adi? Ya cire ta. A ta huɗu alƙalami ya kama gudu, shi kansa ya san ya yi abin kirki, har ya tashi ya zaga shagon ya dawo ya sake karantawa.

Kada ka ce bai san ƙa'ida ba. Wallahi ya sani, har ya fi wasu akawuna. Ya sa takardar kabon ya fitar da kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya na mai gida. Ya rubuta kwanan wata na boko da na Musulunci. Ya sayo kan sarki ya manna a ƙasa don a sa hannu a kansa, kamar yadda ya ga ana yi wa rasit. Ya ja layin shaidu biyu da rula. Ya aro tawadar dangwale daga wurin malamin auduga. Duk abin da ake yi wa takarda ya yi wa wannan takarda, abu ɗaya kawai ya bari a waje.

Ranar Juma'a bayan an sauko, zauren Alhaji ya cika. Maharazu ya sa babbar riga, ya durƙusa, ya nemi izini, ya gyara murya ya fara. Gaisuwa kaɗai ta ci shafi guda, mutane suna ta cewa madalla. Sannan ya shiga shafi na biyu:

“Bayan haka, ni ɗanka Maharazu, da na ga rufin gidan Babana ya tsufa, sai na ga bai kamata ina raye ruwa ya riƙa zuba a gidan ubana ba. Don haka na buga masa kwano da ɗan abin da Allah ya hore. Ban yi don a biya ni ba, domin ɗa ba ya yi wa uba aiki ya miƙa hannu. Abin da nake nema albarka ce. Abin da ke tsakaninmu kuwa, Allah ya sani, Baba ya sani.”

A wannan layi na ƙarshe Maharazu ya ɗan rage murya ya saci kallon Alhaji. A ganinsa nan ya zuba komai, ɗari da tamanin ɗin da shekara ukun, a naɗe cikin mutunci yadda manya ke so.

Alhaji Nata'ala ya sa gefen rawani ya share ido.

Ya ce, “Ɗana, haka ka rubuta?”

“Haka na rubuta, Baba.”

“Da zuciya ɗaya?”

To, jama'a, wane ne za a yi wa wannan tambaya a cikin cikakken zaure ya ce da zuciya biyu? Maharazu ya sunkuyar da kai ya ce, “Da zuciya ɗaya, Baba.”

“Na karɓa. Allah ya yi maka albarka. Ɗan da na haifa yana Kaduna yana kwangila, ko buhun siminti bai taɓa aiko mani ba. Liman, ku shaida.”

Alhaji ya dangwala babban yatsa a kan kan sarki, Liman ya sa hannu da ajami, Gide ya dangwala. Aka yi addu'a doguwa. Maharazu ya fito ana ta kama hannunsa, wani ma a nan take ya ce yana da wasiƙar da yake so a rubuta masa.

A gida Lauratu ta juya takardar gaba da baya. Ba ta karatun boko, amma ta ga kan sarki da yatsu, hankalinta ya ɗan kwanta.

Ta ce, “Ta yi tsawo. Shekara ukun na ciki?”

“Komai na ciki. Mai hankali yana ji zai gane.”

“Mara hankali fa?”

“Ke dai ajiye ta cikin adaka.”

Daminar nan sun sha barci. Ruwa ya yi ta dukan kwano, ko ɗigo bai sauka a kan ɗinkin kowa ba. Alhaji kuwa ya sa aka yi wa nasa kwafin firam da gilashi a Funtuwa, ya rataye a zaure. Duk baƙon da ya zo, in ya iya boko, sai ya karanta wa jama'a kafin a kawo masa ruwa. Maharazu in ya ji labari sai ya gyara zaman birukansa.

Ana gab da fara tsinkar auduga, zazzaɓi na kwana biyar ya ɗauke Alhaji Nata'ala. Maharazu ya yi kuka na gaskiya, shi ya ɗinka likkafanin bai karɓi ko kwabo ba. Da aka yi rabon gado, sashen bakin hanya ya faɗo a kason Alhaji Hadi, ɗan nan na Kaduna, wanda ya iso da farar Fijo da tabarau. Ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya iya duba abu ya san farashinsa. A shekarar gwamnati ta buɗe makarantun firamare kyauta a ko'ina, an turo malamai birjik, kowa da albashinsa, kowa yana neman ɗaki mai kwano. A bakin hanyar Sheme kuwa ɗaki mai kwano ba shi da yawa.

Bayan sadakar arba'in Alhaji Hadi ya tsaya a ƙofar shagon, bai kashe mota ba. Ya ce, “Malam Maharazu, kaka ta yi, shekararka ta cika. Za ka ba da sittin ta bana. Daga nan kuma haya ta koma ɗari biyu, don gidan kwano ne. In ya yi maka nauyi, hedimasta na so.”

Maharazu ya yi murmushi irin na wanda ya shirya. “Ranka ya daɗe, ai akwai takarda tsakanina da marigayi.”

“Ta zaure? Na karanta. Ta sa ni kuka.”

Magana ta ƙi ƙarewa a gaban mai gari, ta kai su kotun alƙali a Faskari. Maharazu ne mai ƙara. Ya faɗi yadda aka yi, alƙali ya nemi shaidu. Liman Salihu ya ce ƙwarai an yi wannan magana a gabansa, kwano a bakin hayar shekara uku. Gide ya faɗi haka. Maharazu ya ji sanyi a ransa, kuma da ya yi shiru a nan, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya, don Alhaji Hadi ya baro firam ɗinsa a Sheme. Amma ina! Gwani ya ga taro. Ya zaro kwafinsa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, har a rubuce muka tabbatar.”

Alƙali ya miƙa wa muhuti, malamin kotun, ya ce ya karanta. Muhuti ya karanta shafin gaisuwa, alƙali yana kallon agogo. Ya shiga na biyu, alƙali ya daina kallon agogo.

Ya ce, “Wa ya rubuta wannan?”

“Ni ne, Allah ya gafarta Malam.” Har da ɗan murmushi.

“Wani ya tilasta ka?”

“A'a.”

“Wanne ya riga, maganar baki ko takardar?”

“Maganar baki.”

“Ina ɗari da tamanin a ciki? Ina shekara uku?”

“Suna cikin layin ƙarshe, inda na ce Allah ya sani, Baba ya sani.”

Alƙali ya cire tabarau ya dube shi da kyau. “Malam Maharazu, biyun da ka ce sun sani, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuwa sai mun je can za mu ji. Mu nan abin da ke gabanmu muke dubawa.” Ya juya wurin Liman. “Malam, da aka karanta wannan, me marigayi ya ce?”

Liman ya gyara zama. Yana son Maharazu, amma ba zai sayar da lahirarsa saboda kwano ba. Ya ce, “Ya tambaye shi ko da zuciya ɗaya ya yi, ya ce da zuciya ɗaya. Marigayi ya ce ya karɓa. Mu duka mun ɗauka yaron ya yafe ne. Har ni na yi wa'azi da shi.”

Alƙali ya ce, “To. Kun yi sharaɗi da baki, shaidu sun tabbatar. Daga baya ka zo da hannunka ka rubuta ba ka son a biya ka, ka faɗa a gaban shaidu, mai gida ya ce ya karɓa, kwano kuwa yana kan gidanshi. Kyauta ta cika. Da ka bar maganar a baki, da yau na ba ka shekarunka. Takardarka ce ta kashe ta.”

Maharazu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ladabi ne fa. Haka ake rubuta ma manya. Kowa ya san ba a nufin…”

“Na sani. Ni ma da za a rubuto mani irinta, firam zan sa mata.”

Alhaji Hadi ya nuna shi ma ɗan halak ne: a nan gaban alƙali ya yafe sittin ta bana saboda darajar takardar, ya ba shi wata guda ya kwashe. Mutane suka ce kai, ɗan ya gaji uban. A mota kan hanyar komawa Liman ya dafa kafaɗar Maharazu ya ce ya yi haƙuri, marigayi har ranar da zai cika yana sa masa albarka, kuma albarkar dattijo ba a saye ta da kuɗi. Maharazu kuwa shi ya san nawa aka saye wannan.

Lauratu ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Da ta zage shi da ya samu abin riƙewa. Ta ji hukuncin, ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe. Suka samu wani ɗakin soro a bayan gari, nesa da hanya, inda ba mai wucewa balle ya ga tela.

Ranar kwashe kaya, hedimasta ya riga ya turo katifarsa an jingine a bango. Lauratu tana zazzage aljihun keken don kada allurai su zube a hanya, sai ga wata 'yar takarda a ninke. Ta miƙa masa.

“Wannan ta awo ce ko in yar?”

Ya buɗe. Ya so ya ce ta awo ce, bakinsa ya ƙi.

Ta ce, “Karanta mani.”

Ya karanta, a hankali, ba gyaran murya. “Ni Maharazu na buga kwano a sashen Alhaji Nata'ala da kuɗina, naira ɗari da tamanin. A bakin haka zan zauna shekara uku daga yau ba biyan haya. Ba mai tashina kafin wa'adin, ko shi ko magadanshi.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Yaushe ka rubuta ta?”

“Ita na fara rubutawa.”

“Me ya hana ka kai ta?”

“Ba ta da daɗin ji.”

Lauratu ta ɗaga kai ta dubi kwanon, tun daga wannan kusurwa har waccan. Sannan ta je ta ciro igiyar karsanarta daga ƙusar da take rataye, ta naɗe ta a hannu.

Ta ce, “Wannan kam, Malam, ko ni da ban yi aji ɗaya ba na gane ta.”

Ta ɗaure bakin buhun tukwanenta da igiyar, ta ɗora a ka, ta fita ta bar shi tsaye da takardar a hannu.